Shugaba ya riga ya kashe kuɗin, to me sakatare zai rubuta?

Ni ina cikin masu ganin cewa shugaban ƙungiyar da ba zai iya motsi ba sai an yi taro bai da amfani, musamman a irin zaman da muke yi a Jidda da Makka, inda kowa yana ƙarƙashin dawamin wani, wato lokutan aikin da mai gidansa ya tsara masa, a tara mutum ashirin waje ɗaya a ranar da ba Juma'a ba aiki ne ja. Matsala ba ta jiran Juma'ar farkon wata. Saboda haka ba ni da ja da shugaba ya yanke hukunci shi kaɗai idan abu ya matso. Inda nake da ja shi ne abin da ke biyo baya, a zo taro ya ba da labari, jama'a su ce Allah ya saka da alheri, sakatare ya rubuta "shugaba ya sanar da mahalarta", a shafa fatiha a watse, kowa yana ganin an gama. Ba a gama ba wallahi. Kuɗin nan har yanzu yana wuyan shugaba shi kaɗai, kuma littafin minit ɗin ne zai fara ba da shaida a kansa ranar da aka ɓata.

Bari in kawo misali irin wanda duk wanda ya zauna a ƙungiyar 'yan gari ɗaya a nan ya san shi. A ce tsarin mulkin ƙungiya ya ce shugaba da ma'aji suna iya fitar da abin da bai wuce riyal 1,000 ba idan larura ta taso, abin da ya haura haka sai babban taro. Ana taro sau ɗaya a wata. Kwana goma bayan taro sai ga wani dattijo cikin mambobi, an sallamo shi daga asibiti jiki ba ƙarfi, kafilinsa, mai gidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya riga ya buga masa hurujin ƙarshe, wato bizar barin ƙasar gaba ɗaya, tuntuni, kuma kun san wa'adinta kwana 60 ne, saura 'yan kwanaki ta ƙare, in ta ƙare yana ƙasar ga tara ga wani sabon zarya. Ba shi da kuɗin jirgi. Shugaba ya kira ma'aji da daddare, suka yankar masa tikitin Jidda zuwa Kano riyal 1,850, suka saya masa maganin da zai tafi da shi na riyal 400, jimla 2,250. Ba wanda zai ce bai kyauta ba. Amma ya haura ikonsa da riyal 1,250, wannan kuma lissafi ne, ba ruwansa da kyakkyawar niyya.

A wannan tsakanin dai, tunda hannu ya saba, sai ya yi wasu abubuwa biyu. Ya biya riyal 300 kuɗin mota aka kai wata mamba asibiti, sannan wani baƙo da ba ɗan ƙungiya ba, ɗan ƙanwar wani babba a cikinmu, ya shiga matsala aka ba shi rancen riyal 800, alhali tsarin mulkin ya faɗa ƙarara cewa asusun na mambobi ne da iyalansu da ke ƙarƙashinsu, kuma ba a ba da rance daga cikinsa.

Abin da aka saba yi shi ne a haɗa ukun nan a jimla ɗaya, "shugaba ya yi bayanin kuɗaɗen da aka kashe a wannan wata, mahalarta sun yaba". Alhali abubuwa ne uku da ba su haɗa hanya ba. Na riyal 300 yana cikin ikonsa, ba ya buƙatar amincewar kowa, rahoto kawai zai bayar a rubuta an ji, in ma aka ce sai an kaɗa ƙuri'a a kansa to an rage masa ikon da doka ta ba shi ne ba tare da an sani ba. Tikiti da magani sun wuce ikonsa amma ba su wuce ikon taro ba, da an kawo maganar tun farko taro zai iya cewa a biya, saboda haka yanzu ma zai iya cewa mun amince, mun ɗauka a matsayin aikinmu. Rancen nan kuwa ko taron kansa ba shi da ikon bayarwa, kuma abin da ba ka da ikon ba da izininsa kafin a yi, ba ka da ikon halatta shi bayan an yi. Ko duk zauren ya ɗaga hannu biyu-biyu bai zama daidai ba. Hanya biyu ce kawai, ko a dawo da kuɗin asusu, masu son taimakon yaron su yi karo-karo daga aljihunsu, ko a bi matakan gyaran tsarin mulki da sanarwarsa da rinjayen da ya gindaya, shi ma gyaran gaba zai yi wa aiki. Ƙaramin kuɗi ne a cikinsu idan aka kwatanta da tikitin, amma shi ne ba ya gyaruwa da ƙuri'a, mutane kuma girman kuɗi suke kallo sai su tsaya kan tikiti suna ta surutu rancen ya sulale ta gefe.

Wani zai ce wannan ai tsarin Turawa ne muke jajibowa. Ba haka ba ne, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tattauna mas'alar wanda ya yi ciniki da dukiyar wani ba da izininsa ba, wanda suke kira fuduli. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, da Hanafiyya, cinikin ba a ce ya ɓaci kai tsaye ba, ba a kuma ce ya zartu ba, a dakace yake sai mai dukiya ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Cikin abin da suke kafa hujja da shi akwai hadisin Urwatul Bariƙi, wanda Annabi (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka. Akwai ma ƙa'idar da ake cewa amincewar da ta zo daga baya kamar wakilcin da aka bayar tun farko ne. To mai dukiya a nan su waye? Mambobin da suke zuba riyal hamsin-hamsin ɗinsu duk wata. Su ne za su furta, kuma furucinsu a ƙungiya ba ya tabbata sai a taron da ya cika, da ƙuri'a, a rubuce. Na san akwai mai cewa shirunsu ma ai yarda ce tunda suna zaune aka faɗa. Ni ban yarda da wannan ba a irin zaurenmu, inda yaro ba zai iya buɗe baki gaban wanda ya kawo shi ƙasar ba. A tambaye su tukuna sannan a san ko sun yarda.

Yadda ya kamata abin ya gudana bai da wahala. Tun ranar da aka kashe kuɗin shugaba ya tura wa sakatare saƙo a rubuce, ga abin da na yi, ga dalili, ga hoton fatura, wato rasit. Sakatare ya sa shi a ajandar taro na gaba da sunansa, "neman amincewa da kuɗin tikiti, riyal 2,250", ba a cusa shi cikin "sauran batutuwa" ba lokacin da rabin mutane sun tashi neman mota. Na fi damuwa da wannan, domin wanda ya ga adadin kuɗi a ajanda zai daure ya zo, wanda kuma bai zo ba bayan ya gani ba shi da bakin ƙorafi. Kuma taro na gaba nake nufi, na farko bayan abin ya faru. In aka bar shi ya kwana wata uku huɗu, faturar ta ɓace, wanda aka yi wa tikitin yana Kano, ma'aji ya tafi hutu, sai a koma dogaro da "ai na tuna".

In an zo kan batun, shugaba ya yi bayani, ya amsa tambaya, sannan ya miƙa wa mataimakinsa jagorancin zaman har a gama da wannan batu. Ba raini ba ne. Mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da shi ne ake tambaya, kuma ka gwada ka gani, in shi ne yake kallon idon jama'a yana cewa "akwai wanda bai yarda ba?" babu hannun da zai tashi ko da rabin zauren na gunaguni a ciki. Ni a ganina ma kada ya kaɗa ƙuri'a, shi da ma'ajin da suka sa hannu tare, ko da tsarin mulkin bai hana su ba. Wani ya gabatar da ƙuduri da kalmomi tsayayyu, wani ya goya baya, a ƙirga hannu. Kafin nan sakatare ya sake ƙirga mutanen da ke zaune a daidai wannan lokaci, domin taron da aka fara da mutum 31 yana iya komawa 14 bayan sallar isha'i, in tsarin mulki ya ce sai da 20, to ƙuri'ar da aka kaɗa da 14 ita kanta tana buƙatar wani taron ya sake amincewa da ita.

Yanzu ga abin da nake so in ga an rubuta a minit, ko mahadar kamar yadda wasunmu suka saba cewa a nan:

"Batu na 4: Amincewa da matakin da shugaba ya ɗauka tsakanin taro. Shugaba ya bayyana cewa a ranar 12 ga Rajab ya ba da umarni aka fitar da riyal 2,250 daga asusun taimako (tikitin Jidda zuwa Kano 1,850, magani 400) domin mamba mai lamba 17, saboda wa'adin bizar fitarsa zai ƙare kafin wannan taro. Adadin ya haura iyakar riyal 1,000 da tsarin mulki ya ba shugaba. An nuna fatura biyu, an maƙala kwafinsu a wannan minit. Mataimakin shugaba ya jagoranci batun, shugaba da ma'aji ba su kaɗa ƙuri'a ba. Mahalarta a lokacin ƙuri'a 27. Ƙuduri: taro ya amince da wannan kashe kuɗi kuma ya ɗauke shi a matsayin aikin ƙungiya tun daga ranar da aka yi shi. Masu goyon baya 21, masu adawa 3, wanda ya ƙaurace 1. Ƙuduri ya zartu. Wannan amincewa ta wannan karo ce kaɗai, ba ta canza iyakar da ke cikin tsarin mulki ba."

Ku duba lissafin, 21 da 3 da 1 sun ba da 25, a haɗa da mutum biyun da ba su kaɗa ba 27 ke nan. Mai binciken kuɗi na ƙarshen shekara abin da zai fara yi ke nan, in bai tashi daidai ba ya san an rubuta ne daga ka bayan kwana biyu. Ku kuma lura lambar mamba na sa ba sunansa ba, ba a kuma rubuta ciwon da ke damunsa ba, minit yana yawo a wayoyi, babu dalilin da zai sa larurar bawan Allah ta zama abin karantawa a majalisa. Jimlar ƙarshen nan kuma kada a raina ta. In babu ita, watan gobe shugaba zai kashe 3,000 ya ce ai kun taɓa yarda da irinsa, a hankali iyakar 1,000 ta mutu ba tare da kowa ya kaɗa ƙuri'ar kashe ta ba.

Ranaku biyu ne a cikin wannan rubutu kuma dole su fito daban, ranar da shugaba ya yi aikin da ranar da taro ya amince, wadda ita ce ranar da ke saman minit ɗin. Amincewar tana komawa baya ta rufe aikin tun daga ranarsa, amma rubutun ba ya komawa baya. A nan ne sakatarori masu son gyara ke yin ɓarna da zuciya ɗaya, sai a ce "Malam sakatare, ka ɗan ƙara a minit ɗin watan jiya cewa an ba shugaba dama", don littafi ya yi kyau. Wannan ƙarya ce aka rubuta, taron watan jiya bai san da maganar ba domin a lokacin dattijon yana kwance a asibiti ma. Kuma tana da saurin tonuwa, duk wanda ya halarci wancan taro ya san ba a yi ba, ga kuma hoton minit ɗin asali da aka tura a guruf tun a daren. Daga ranar da aka kama layi ɗaya irin wannan, duk littafin ya zama abin zargi har da shafukan da ba a taɓa ba. Sannan a tsaya kan kalanda ɗaya, in Hijira ce Hijira, in Miladiyya ce Miladiyya, ko a rubuta duka biyun, domin faturar kamfanin jirgi da Miladiyya take zuwa mu kuma bakinmu ya saba da Rajab da Sha'aban, wata shida gaba sai a kasa gane wanne ya riga wanne.

Akwai wata dabara kuma da ta fi wannan laushi. A taron farko an rubuta "shugaba ya sanar". A taro na biyu aka karanta minit, aka ce akwai gyara? Babu. Wane ya gabatar, wane ya goya baya, an amince da minit. Daga baya in magana ta tashi sai a ce ai taro ya amince, ga shi nan a rubuce. A'a ranka ya daɗe. Abin da taro na biyu ya amince da shi shi ne cewa rubutun ya yi daidai da abin da ya faru a zaman farko, wato gaskiya ne shugaba ya sanar. Bai ce abin da aka sanar ɗin ya karɓu ba. Haka nan karɓar rahoton ma'aji, cewa lissafi ya nuna 2,250 sun fita ba ya nufin an yarda su fita.

Maganar WhatsApp kuwa, na san shugabanni da yawa suna jefa saƙo a guruf, mutum goma sha biyar su ɗaga babban yatsa, su ce shi ke nan. Yana da kyau a yi, yana nuna bai ɓoye ba, kuma a taro zai taimake shi. Amma in tsarin mulkinku bai ce ana yanke hukunci ta waya ba, to shawara ce kawai ya nema. In kuna so ta zama hukunci ku rubuta ta a doka, awa nawa za a bari, mutum nawa za su amsa, sannan sakatare ya shigar da sakamakon a minit na gaba.

To in taro ya ce bai yarda ba fa? Wannan ita ce tambayar da ba a son ji, kuma in babu yiwuwar a ce a'a to ƙuri'ar wasan kwaikwayo ce. Kamfanin jirgi ba ruwansa, ya karɓi kuɗinsa, dattijo ya isa gida, ba abin da zai dawo. Abin da ƙin amincewa ke nufi shi ne ƙungiya ba ta ɗauki nauyin ba, abin da ya haura ikon ya zama bashi a kan wanda ya ba da umarni. Shi ya sa nake cewa wannan tsari gata ne ga shugaban kafin kowa. Wanda aka kaɗa masa ƙuri'a aka rubuta, ya sauke kaya, ko bayan shekara biyar wasu suka karɓi mulki suna neman laifinsa sai su tarar da shafi a rufe. Wanda aka yi wa "Allah ya saka" kawai yana nan a buɗe, kuma kun san halinmu lokacin zaɓe, tsohon zance ake tonowa.

Kuma ba dole sai e ko a'a gaba ɗaya ba. Taro yana iya raba ƙudurin, ya amince da tikiti 1,850 ya ce magani bai shiga abin da asusun ke ɗauka ba in haka dokarsu ta ce, sai minit ya nuna ƙuri'a biyu da sakamako biyu, da wanda zai mayar da 400 ɗin da ranar da zai mayar, sannan minit ɗin wata mai zuwa ya nuna an mayar ko ba a mayar ba. Yana iya amincewa da duka amma ya rubuta cewa nan gaba a kira mataimaki da mai binciken kuɗi kafin a fitar. Masu adawa ukun nan ma in ɗayansu ya ce a rubuta sunansa da dalilinsa, haƙƙinsa ne, sakatare ya rubuta a layi ɗaya ba tare da ƙarin gishiri ba.

Abin da ya fi ƙarfi cikin hujjojin masu sukar ra'ayina shi ne mutunci. Suna cewa mutum yana muku aiki kyauta, ya bar barcinsa ya je asibiti, wataƙila ma ya ƙara da kuɗin aljihunsa, sannan ku zaunar da shi kuna ƙirga hannu a kansa kamar wanda ake tuhuma? Na fahimci wannan, kuma gaskiya in sau ɗaya aka taɓa yi a tarihin ƙungiya, ranar da ake jin haushin wani shugaba, to tozarci ne. Maganinsa a mayar da shi al'ada, kowane taro akwai wannan layi a ajanda, in babu komai sakatare ya rubuta "babu matakin da aka ɗauka tsakanin taro" a wuce. Shugaban da ake so da wanda ba a so duk ta nan za su bi, ba wanda zai ce da shi ake.

Wani amfanin layin nan na dindindin shi ne yana nuna wa mai karanta littafi halin shugabancin ba sai an gaya masa ba. Ka buɗe minit na shekara guda ka duba. In sau ɗaya ko biyu ne, kuma duk ciwo ne ko rasuwa ko wa'adin biza, lafiya lau. In kusan kowane wata akwai, to ɗayan biyu ne, ko iyakar 1,000 ta yi kaɗan da tsadar yanzu a ɗaga ta a hukumance, ko shugaba ya gano cewa neman afuwa ya fi neman izini sauƙi. Yadda za ka bambance shi ne ka dubi rana da irin abin. Kuɗin arbun, wato kafin alƙalami, na istiraha, wurin hayar da za a yi taron Sallah, wanda kowa ya san lokacinsa tun bara, aka biya shi kwana biyu kafin taro, ko kwana ɗaya bayan taron da ba a ɗaga maganar ba, wannan ba gaggawa ba ce, an kauce wa tambaya ne, ƙila don kada wani ya ce akwai mai rahusa a wata unguwar. Irin wannan ni zan kaɗa ƙuri'ar amincewa saboda an riga an biya kuma arbun ba ya dawowa, amma zan nemi a rubuta a ƙarƙashinsa cewa taro ya lura babu larurar da ta hana a jira, kuma in na sake gani a watan gaba hannuna yana cikin masu adawa.